Wanda Ya Zo Na Biyu: Yadda Ake Gaya Wa Mai Neman Aiki Ba a Ɗauke Shi Ba

A ƙasan yawancin sanarwar neman ma'aikata a Nijeriya akwai wani ɗan layi da kowa ya saba gani, mai cewa waɗanda aka tantance kaɗai za a tuntuɓa. Ban ga laifin wannan layin ba. Ƙasar da a watan Maris na 2014 dubban matasa suka cika filayen wasa domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, har aka rasa rayuka a turmutsitsi a Abuja da wasu garuruwa, ba ƙasa ce da manaja zai iya rubuta wa kowane mai neman aiki wasiƙa ta musamman ba. Idan kujera ɗaya ta jawo takardu ɗari uku, gajeren saƙo iri ɗaya ya wadatar wa waɗanda ba su tsallake matakin farko ba.

Amma akwai wani mutum da wannan uzurin bai shafa ba. Shi ne wanda aka kira, ya zo, aka sake kiran sa, ya nemi izini a inda yake aiki ko ya ranci kuɗin mota daga Gusau zuwa Kano, ya zauna gaban kwamiti sau biyu, ya yi gwajin aiki, har masu tambayar suka yi ta muhawara tsakaninsa da wani kafin su yanke hukunci. Shi ne wanda ya zo na biyu. Abin da ya fi samu a wurinmu shi ne a raka shi bakin ƙofa a ce masa, "Za mu neme ka." Daga nan sai shiru. Mako uku yana duba waya, mahaifiyarsa tana tambaya ko an ji wani labari, har ranar da wani ya gaya masa ai wanda aka ɗauka ya ma fara zuwa ofis.

Masu yin wannan shirun galibi ba mugaye ba ne. Kunya ce ke hana su, da kara, da nauyin bakin da muke da shi wajen faɗa wa mutum abin da ba zai so ji ba. Wasu kuma tsoro suke kada abin da suka rubuta ya zama hujja a kansu. Sai dai kunyar nan manajan kawai take hutarwa. Nauyin yana nan bai ragu ba, an dai ɗora shi ne a kan wanda yake jira. Wanda ya ba ka kwana biyu na rayuwarsa kuma ya kusa samun aikin yana da haƙƙin abu biyu a kanka: ya ji hukuncin daga bakinka, kuma ya ji dalili na gaskiya wanda zai iya yin wani abu da shi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ɗauka wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano yana neman babban akanta, wanda zai riƙe littattafan kuɗi kuma ya kula da masu karɓar kuɗi huɗu. An tace takardu, an kira mutum goma intabiyu, an fitar da uku zuwa zagaye na ƙarshe. Kafin a fara, kwamitin ya rubuta abubuwa biyar da zai auna, kowanne da maki daga 1 zuwa 5: sanin aikin lissafin kuɗi na yau da kullum, gwajin aiki a kan kwamfuta, sanin haraji, kula da ma'aikata, da iya bayani. Kowa tambayoyi iri ɗaya aka yi masa, kowane ɗan kwamiti kuma ya rubuta makinsa da dalilinsa kafin su haɗa baki.

Wata mai neman aikin, mu kira ta Malama Wance, ta tashi da maki 20 cikin 25. Wanda aka ɗauka ya samu 22. A sanin aiki da iya bayani ta fi shi, ta samu biyar-biyar, shi huɗu-huɗu. A haraji sun yi kunnen doki da huɗu. Inda ya wuce ta wuri biyu ne, gwajin aiki da kula da ma'aikata, inda ya samu biyar-biyar ita kuma uku-uku.

A gwajin an ba su minti 40 su daidaita littafin kuɗin kamfani da takardar bayanin asusu ta banki. Littafin ya nuna naira 4,620,000, banki ya nuna naira 4,850,000, bambanci naira 230,000. Malama Wance ta gano babban dalilin nan da nan: kamfani ya rubuta wa wani ɗan kasuwa cek na naira 250,000, an cire a littafi, amma mutumin bai kai shi banki ba tukuna. Sai dai cek ɗin ya zarce bambancin da naira 20,000, kuma ba ta gano inda wannan ta shiga ba. Kuɗin caji ne da banki ya cira a wurare uku cikin watan, ba a shigar da su littafi ba. Da lokaci ya ƙure sai ta ajiye naira 20,000 ɗin a asusun jiran bincike ta miƙa aikin. Wanda aka ɗauka ya bi takardar banki layi-layi, ya tsinto cajin uku, lissafinsa ya rufe.

A tambayar kula da ma'aikata kuma, an ce ta ba da labarin lokacin da wani na ƙasa da ita ya kawo kuɗi da giɓi, da abin da ta yi. Ta ba da labari mai kyau, amma daga farko har ƙarshe "muka yi" da "aka yi" take cewa. Sau biyu aka tambaye ta wane mataki ita da kanta ta ɗauka, ba a samu amsa tsayayya ba.

Na tsawaita a kan wannan ne da gangan, domin a nan ake rubuta wasiƙar tun kafin a zauna rubuta ta. Manajan da ya yi intabiyu da hira kawai, bai rubuta komai ba, ya yanke hukunci da "wannan ya fi kwanta mini a rai", idan ya zo bayani ba shi da abin faɗa sai kalmomin da ba su da kama, irin su "mun samu wanda ya fi dacewa". Wanda ke da takardar maki a gabansa kuwa kwafewa kawai zai yi. Ga abin da manajan wannan kamfani zai iya aikawa. Da Turanci aka fi rubuta irin wannan a ofisoshinmu, amma ginin ɗaya ne a kowane harshe:

"Assalamu alaikum Malama Wance,

"Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kamar yadda na shaida miki ta waya ɗazu, mun kammala zaɓen babban akanta, kuma ba ke muka ɗauka ba. Mun ba wani daga cikin ku ukun da kuka kai zagayen ƙarshe, ya kuma karɓa. Na san ba labarin da kike jira ba ke nan, bayan zuwa biyu da kika yi da lokacin da kika ba mu.

"Ke ce kika zo ta biyu, kuma tazarar ba ta da yawa. A sanin aikin yau da kullum da iya bayani ke ce kan gaba a cikin ukun. Yadda kika bayyana mana tsarin bin bashin kwastomomi da kika kafa a inda kike aiki, na raba basussuka gida uku gwargwadon daɗewarsu, shi ne bayani mafi fita da muka ji a duk intabiyun.

"Abu biyu ne suka raba. Na farko, a gwajin daidaita littafi da banki kin gano cek ɗin naira 250,000 da ba a kai banki ba, amma naira 20,000 na cajin banki ta rage ba ki gano ta ba, kika ajiye ta a asusun jiran bincike. A wannan kujerar kowane wata ana rufe asusu shida, shi ya sa muka ba wannan gwaji nauyi. Shawarata ita ce ki saba da fara bin takardar banki layi-layi, ki fitar da duk abin da banki ya cira ko ya saka wanda babu shi a littafi, kafin ki koma kan cek. Na biyu, da muka tambaye ki game da giɓin kuɗi a hannun na ƙasa da ke, ba mu iya gane matakin da ke da kanki kika ɗauka ba. Mai yiwuwa kin yi abin da ya dace, amma ba mu ji shi ba, kuma da abin da muka ji kawai za mu iya ba da maki. A intabiyu na gaba ki faɗi abin da kika yi da bakinki: wa kika kira, me kika ce, me ya biyo baya.

"Idan kin amince, zan riƙe takardunki har wata shida, in kuma kira ki da kaina idan kujerar akanta ta buɗe a nan. Ba alkawarin aiki nake miki ba, domin a yanzu babu gurbi. In ba ki so mu riƙe su, ki gaya mini mu goge. Idan kina son ƙarin bayani, ina da minti 15 ranar Laraba ko Alhamis da safe.

"Na gode ƙwarai. Allah Ya sa hakan ya zama mafi alheri, Ya ba ki wurin da ya fi namu."

Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba, amma kowane sashe nata yana da aikin da yake yi. A lura hukuncin ya zo a jimla ta biyu. Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, kuma a zaure hakan daidai ne, amma mai karanta irin wannan saƙo zuciyarsa bugawa take yi, idonsa yana tsallake layuka yana neman kalma ɗaya. Idan aka fara da sakin layi biyu na yabo, zai ɗauka albishir ne ke tafe, faɗuwar ta fi zafi. Kuma an faɗi hukuncin yadda ba za a yi masa fassara biyu ba. "Ba mu ci gaba da batunki ba a wannan lokaci" magana ce da ke barin ƙofa a buɗe alhali an riga an kulle ta, har mutum ya ƙi karɓar wani aikin yana jiran wannan.

Yabon da ke ciki ma a duba shi. Manajan bai ce tana da ƙwazo da hazaƙa ba, kalmomin da za a iya aika wa duk mutum goman ba tare da an canja harafi ba. Ya ambaci abu ɗaya da ta faɗa a ɗakin, tsarin bin bashi. Wannan ne ke nuna mata cewa an saurare ta, kuma shi ne ke sa ta yarda da gyaran da ya biyo baya. Mutum ba ya karɓar gyara daga wanda yake zargin bai ma tuna fuskarsa ba.

Zuciyar wasiƙar ita ce sakin layi na uku, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. A 1996 wasu masana halayyar ma'aikata biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamakon bincike masu yawa da aka yi kan abin da ke faruwa idan an gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance. Sun samu cewa a jimlace hakan yana inganta aiki, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku na lokutan, aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayanin da suka bayar shi ne, gwargwadon yadda maganar ta janye hankalin mutum daga kan aikin ta mayar da shi kan kansa, gwargwadon yadda amfaninta ke raguwa. Wanda aka ce masa "lissafinka bai rufe ba saboda ka tsallake cajin banki" zai koma ya duba takardar banki. Wanda aka ce masa "ba ka da lura" zai kwana yana tunanin ko shi wane irin mutum ne, ba kuma zai koyi komai game da caji ba.

Da manajan ya so, zai iya taƙaita dalilan biyu ya ce Malama Wance ba ta da natsuwa kuma ba ta da jinin shugabanci. Da ya yi haka, da ya faɗi abin da bai sani ba. Minti 40 na gwaji da amsar tambaya ɗaya ba su isa a san halin mutum ba. Abin da ya sani tabbas shi ne abin da ya gani a takardar gwaji da abin da ya ji da kunnensa, kuma a nan ya tsaya. Shi ya sa jimlar nan ta "mai yiwuwa kin yi abin da ya dace, amma ba mu ji shi ba" take da daraja a wurina fiye da duk sauran. Gaskiya ce tsantsa, kuma ta dace da mutanenmu. Da yawa daga cikinmu, musamman mata, an tarbiyyantar da mu a kan cewa "ni na yi" yabon kai ne, sai mu ɓuya a bayan "mu". A gida wannan ladabi ne, amma a gaban kwamiti yana cinye maki, kuma mutum zai iya faɗuwa intabiyu biyar a kan wannan abu ɗaya ba tare da wani ya taɓa gaya masa ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko gyaran da ka rubuta mai amfani ne. Ka tambayi kanka: idan ta karanta wannan yau, me za ta iya yi gobe da safe? A misalinmu amsar a fili take. Za ta iya ɗauko takardar banki ta watan jiya ta gwada sabon tsarin, za ta iya zama ta rubuta labarai uku na aikinta da "na yi". Idan amsar ita ce babu abin da za ta iya yi, to ko dai maganar ta yi faɗi da yawa, ko kuma ta shafi abin da ba ya canjuwa. Tambaya ta biyu: abin da ka rubuta yana cikin takardar makin? Idan babu shi a can, bayan hukunci ka ƙirƙiro shi. Kuma a tsaya a abu ɗaya ko biyu, waɗanda su ne suka raba gardama. Kwamiti zai iya lura da ƙananan abubuwa bakwai, amma jera su duka ga wanda ya rasa aiki yau duka ne, ba taimako ba.

Wani lokaci kuma babu gyaran da za a bayar, domin mutumin bai yi kuskure ba. Ya amsa komai daidai, sai dai ɗayan ya shekara shida yana aiki da irin manhajar lissafin da kamfanin ke amfani da ita, shi kuwa bai taɓa ba. Sai a faɗi hakan yadda yake: ba ka gaza a komai ba, ga abin da ɗayan ya zo da shi wanda muke bukata yanzu. Kada a je ana tono masa aibi don wasiƙa ta yi kauri. A kuma kiyaye sirrin wanda aka ɗauka. Ya halatta a ce ya fi daɗewa a irin wannan aiki, amma sunansa da makinsa da albashin da aka yi masa ba na wasiƙar ba ne.

Sai mu zo wurin da ya fi wuya, wanda duk mai ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan ya san shi. Kwamiti ya gama aikinsa, Malama Wance ce ta ɗaya, sai ga waya daga sama, ko ɗan mai kamfani ya gama bautar ƙasa yana zaune. Me manaja zai rubuta? Abin da wasu ke yi shi ne su nemo wani ɗan kuskure a intabiyunta su kumbura shi ya zama dalili. A ganina wannan ya fi shirun muni, domin an hana ta aikin, an kuma sa ta tafi tana gyaran abin da bai lalace ba, tana shakkar iyawarta. Idan manaja ba zai iya faɗin ainihin abin da ya faru ba, to aƙalla kada ya yi mata ƙarya a kanta. Zai iya cewa: hukumar kamfani ta yanke shawarar cike gurbin ta wata hanya, aikinki a intabiyu bai da aibin da zan nuna miki, kuma a shirye nake in ba da shaida a kanki a duk inda kika nema. Wannan bai wanke zaluncin ba, amma bai ƙara wani a kai ba.

Haka nan akwai dalilan da in ka ga hannunka ya ƙi rubuta su, to ba wasiƙar ce ke da matsala ba, hukuncin ne. An ƙi ta don sabuwar amarya ce ana tsoron hutun haihuwa, ko don ba 'yar jihar ba ce, ko don addininta, ko don tana tafiya da sanda. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asalin garinsa, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Akwai dokar 2018 da ta haramta nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, da dokar 2014 da ta haramta nuna shi ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙararrakin da suka shafi nuna bambanci a harkar aiki. Tsoron irin wannan ƙara ne ke sa wasu kamfanoni su hana manajojinsu bayar da kowane irin bayani. Na fahimci tsoron, amma maganinsa shi ne a yi zaɓen a kan ma'aunin da aka rubuta tun farko, a kuma bar sashen kula da ma'aikata ya duba wasiƙar kafin ta fita. Dalilin da ke cewa naira 20,000 ba ta rufe a gwaji ba, ga takardar gwajin a fayil, shi ne mafi ƙarfin kariya da kamfani zai samu. Kalmomi masu hazo irin su "ba ki dace da yanayinmu ba" su ne ke sa mutum ya fara zargin ko hijabinta ake nufi, ko harshenta.

Batun riƙe takardu ma ba ladabi kawai ba ne. Tun 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ba mutum damar neman sanin bayanan da wata ma'aikata ke riƙe da su a kansa, kuma ba ta yarda a ajiye su fiye da lokacin da ake bukata ba. Shi ya sa manajan ya nemi izini, ya kuma sa wa'adi. Wannan dokar tana da wani darasi ga 'yan kwamiti: duk abin da za ka rubuta a takardar maki, ka rubuta shi kamar mai shi zai karanta wata rana.

Lokacin aikawa yana da nasa tsari. Ba a sallami na biyu sai na ɗaya ya karɓi aikin a rubuce, domin yakan faru ya ƙi albashin ko wurin aikinsa ya riƙe shi, sai a koma wa na biyu. Amma idan hakan zai ɗauki fiye da mako guda, a aika layi biyu a ce ana nan ana kammalawa, za a ji daga gare mu ranar kaza, sannan a cika ranar. Da zarar na ɗaya ya sa hannu, kada a wuce kwana biyu. Ga wanda ya kai zagayen ƙarshe na fi son a fara da waya, gajera, daga bakin wanda ya jagoranci intabiyun, a tambaye shi ko yana inda zai iya magana, a faɗi hukuncin, a ce bayani yana tafe a rubuce. Dalilin rubutun shi ne, mutum ba ya riƙe abin da aka faɗa masa a mintin da ya ji bai samu ba. Bayan kwana biyu, da zuciya ta kwanta, zai buɗe imel ɗin ya karanta da idon basira. Saƙon WhatsApp daga wani ƙaramin ma'aikaci da bai ma shiga ɗakin ba bai dace da wanda aka zauna da shi awa biyu ba.

Addu'ar da aka rufe wasiƙar da ita tana da muhallinta, kuma ba zan so a cire ta ba. Mun yi imani da rabo, kuma "Allah Ya sa hakan ne mafi alheri" tana sanyaya zuciya da gaske. Abin da ban yarda da shi ba shi ne manaja ya ce "ba rabonka ba ne" ya tsaya a nan, alhali shi ya ba da makin, ya kuma san inda aka rasa biyun. Mai neman aikin ne ke da ikon ya rarrashi kansa da rabo. Wanda ya yanke hukunci bayani ake bin sa.

Ba kowa ne zai karɓi wasiƙar da godiya ba. Wani zai kira ya ce ai ya ga cajin, lokaci ne ya ƙure, ko ya nemi a sake masa gwajin. A saurare shi har ya gama, a yarda da abin da yake gaskiya a maganarsa, sannan a maimaita cewa hukuncin ya tabbata. Minti 15 ɗin da aka ware na ƙarin haske ne, ba zaman ɗaukaka ƙara ba, kuma gara a faɗi haka tun farkon kiran. Wani kuma ba zai amsa ko da kalma ɗaya ba, wannan ma haƙƙinsa ne.

Kai kuma da irin wannan wasiƙa ta iso gare ka, kada ka amsa a ranar da ranka yake ɓace. Ka bari ta kwana, ka rubuta layi uku na godiya, ka ce a riƙe takardunka in kana so. Wanda aka ɗauka yakan bar aiki cikin watannin gwaji, kuma manajoji suna tambayar juna wa suka sani idan gurbi ya taso. Idan kuma shiru aka yi maka bayan ka kai zagayen ƙarshe, babu rashin kunya a ka rubuta sau ɗaya, ka yi tambaya mai sauƙin amsawa: wane abu ɗaya ne da na inganta shi zai fi ƙarfafa takarata nan gaba? Tambaya irin wannan ta fi samun amsa a kan "me ya sa ba ku ɗauke ni ba".

Ga masu ɗaukar ma'aikata kuwa, roƙona bai da tsada. Mutum biyu ko uku ne kawai ke kaiwa ƙarshe ba su samu ba a kowace kujera, kuma wasiƙar kowannensu ba za ta ci rabin awa ba idan takardar maki tana nan. Kafin intabiyu na gaba ku rubuta ma'auninku, ku rubuta abin da kowa ya faɗa yayin da yake faɗa, kuma ranar da wanda kuka zaɓa ya sa hannu, ku kira na biyu kafin ku tashi daga ofis.